Ɗigon ƙofar gida da allurar asibiti: uwar da ke tambaya ta cancanci amsa

Akwai wata tambaya da iyaye mata ke yi wa masu ɗigon rigakafin shan inna idan sun yi sallama a ƙofar gida, kuma ni dai ban taɓa jin laifin mai yin ta ba. Uwa za ta ce: «Ƴar nan, watan jiya kuka ɗiga masa, an kuma yi masa allurar a asibiti, ga katinsa. Yanzu kuma na mene ne?» Sau da yawa amsar ba ta wuce «Mama, haka aka ce mu yi» ba. Wata uwar za ta miƙa yaron ranta a ɓace, wata kuma ta ce barci yake yi. Duk wanda aka yi ta ba ɗansa magani iri ɗaya sau biyar, sau takwas, ba tare da bayani ba, dole zuciyarsa ta raya masa ɗaya cikin biyu: ko maganin ba shi da ƙarfi, ko akwai abin da ake ɓoye masa.

Matsayina shi ne a karɓi ɗigon duk lokacin da aka kawo shi, a kuma tabbatar yaro ya samu allurar, domin aikinsu daban ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Amma ina ganin ba daidai ba ne a nemi iyaye su yarda a makance, alhali dalilin yana nan, kuma wanda bai yi karatun likita ba ma zai gane shi idan aka zauna aka yi masa bayani.

Sai an san hanyar da cutar ke bi kafin a fahimci sauran. Ƙwayar cutar shan inna ta baki take shiga, galibi ta hannu ko ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa. Tana sauka a maƙogwaro da hanji, ta hayayyafa a can, ta riƙa fita cikin kashin yaro har tsawon makonni. Mafi yawan yaran da suka kamu ba sa nuna alamar komai, wasu kuma ɗan zazzaɓi ne ya zo ya wuce. A cikin kusan mutum 200 da suka kamu, ɗaya ne ƙwayar ke tsallakawa daga hanjinsa ta shiga jini, ta kai ga laka, ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa ko hannu. Wannan shi ne yaron da ake gani ƙafarsa ta saki cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ta dawowa. Idan ta taɓa jijiyoyin numfashi tana iya kisa. Ma'ana, duk inda aka ga yaro ɗaya ya shanye, akwai wasu ɗaruruwa a kewayensa da ke ɗauke da ƙwayar suna wasa, lafiyarsu ƙalau a ido.

Ke nan akwai wurare biyu da za a iya tare cutar. Ana iya tare ta a hanji, a hana ta samun wurin zama tun farko. Ana iya kuma tare ta a jini, a hana ta isa laka. Tarewar jini tana ceton ƙafar yaron da kansa. Tarewar hanji tana ceton ƴaƴan maƙwabta, domin yaron da ƙwayar ba ta zauna a hanjinsa ba ba zai zubar da ita a unguwa ba. Duk bambancin ɗigo da allura yana cikin wannan.

Allurar ita ce ta fara zuwa. Jonas Salk ne ya samar da ita, aka amince da ita a Amurka a 1955. Matacciyar ƙwayar cuta ce a cikinta, don haka ba ta iya hayayyafa ko haifar da shan inna. Ana yin ta a tsokar cinya, rabin mililita, a wasu ƙasashen kuma kashi ɗaya cikin biyar na wannan ake sa wa a cikin fatar hannu. Jiki yana ganin gawar ƙwayar sai ya ƙera sojojin da za su zauna cikin jini suna jiran ta. A wannan aiki babu kamarta: ko yaro yana gudawa, ko yana fama da tamowa, allurar tana kama shi kusan kamar yadda take kama kowa, tunda ba ta bi ta hanji ba. Rauninta kuma daga nan ya fito. Hanjin yaron da allura kaɗai aka yi masa bai taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, saboda haka idan ta gaskiyar ta shigo tana iya zama a cikinsa ta hayayyafa, ya riƙa fitar da ita, shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba.

An ga wannan a zahiri a Isra'ila a 2013. Ƙasar ta koma amfani da allura kaɗai tun 2005, kuma fiye da yara 90 cikin 100 sun samu. Sai masu gwajin ruwan magudanar ƙazanta suka gano ƙwayar shan inna ta asali a kudancin ƙasar, daga baya a wasu garuruwan, tana yawo wata da watanni. Ko yaro ɗaya bai shanye ba, domin allurar ta tsare jininsu. Amma ƙwayar ba ta tsaya ba, domin hanjinsu a buɗe yake. Abin da hukumomin ƙasar suka yi shi ne dawo da ɗigon baki ga yara ƴan ƙasa da shekara 10, kuma bayan haka ne ƙwayar ta ɓace daga magudanun. Ina yawan kawo wannan misali ga masu cewa ɗigo rigakafin talakawa ne, allura ta masu kuɗi. Gaskiya ne ƙasashe irin su Suwidin da Finlan sun kawar da cutar da allura kaɗai, amma a can ruwan sha da na masai ba sa haɗuwa, hanyar yaɗuwar ta hanji ta yi ƙaranci. Inda gidaje suke a cunkushe kuma magudanar ƙazanta ba ta da kyau, allura kaɗai ba ta datse yaɗuwa.

Ɗigon kuwa na Albert Sabin ne, ya bazu a farkon shekarun 1960. Ƙwaya ce mai rai amma an raunana ta. Ɗigo biyu ake sa wa a baki, ta sauka hanji, ta hayayyafa kamar ta gaskiyar, hanji ya koyi yaƙar ta a wurin da take shigowa. Ba ya buƙatar sirinji ko ƙwararren mai allura, don haka ana iya kai shi gida-gida ga miliyoyin yara cikin kwana uku ko huɗu. Yaron da aka ɗiga wa kuma yana fitar da raunanniyar ƙwayar na ɗan lokaci, har ƙannensa da abokan wasansa su ɗauka su samu wani kaso na kariya. Da wannan ɗigo ne aka sauko da cutar daga yara kusan 350,000 da ke shanyewa a shekara a ƙasashe fiye da 125 a 1988, zuwa yau da ƙwayar asali ta rage a Afganistan da Pakistan kawai.

To me ya sa ake ta maimaitawa? Amsar da ba a cika faɗa wa iyaye ba ita ce ɗigon ba ya kamawa kowane lokaci. Tunda ƙwaya ce mai rai, sai ta samu wurin zama a hanji kafin ta yi aiki. Idan yaro yana gudawa, tana wucewa kafin ta zauna. Idan hanjinsa cike yake da wasu ƙwayoyin cuta, suna rigan ta wurin. Idan yana da tamowa, jikinsa ba ya amsawa da ƙarfi. A jarirai ƙanana, kariyar da suka gada daga uwa ma tana iya kashe ƙwayar ɗigon kafin ta kama. Uwa ta ga ɗigo ya shiga baki, an shafa wa ƙaramin yatsa shuɗi, sai ta ƙirga ɗaya. Jikin yaron kuwa wataƙila bai ƙirga komai ba, kuma babu alamar da za a duba a ƙofar gida a gane ya kama ko bai kama ba.

A ƙasashe masu tsaftataccen ruwa, ɗigo uku kan kare kusan duk yaran. A arewacin Indiya, a jihar Uttar Pradesh, masu bincike sun auna a tsakiyar shekarun 2000 suka tarar tsohon ɗigon da ya haɗa nau'o'in ƙwayar guda uku yana kare kusan yaro 1 ne cikin 10 a kowane zagaye daga nau'in farko na ƙwayar. An samu yaran da suka shanye bayan an ɗiga musu sau da dama. Da aka koma ɗigo mai nau'i ɗaya tak, adadin ya tashi zuwa kusan 3 cikin 10.

Mu ɗauki wannan adadi na biyu mu yi lissafi da yara 100 a irin wannan wuri mai wahala, duka an same su a gida a kowane zagaye. Zagayen farko ya kama 30, saura 70. Na biyu ya kama 3 cikin 10 na waɗanda suka rage, wato 21, saura 49. Na uku ya bar 34. A nan ne uwa take cewa an gama, tunda sau uku aka rubuta a kati, alhali yaro ɗaya cikin uku yana nan ba kariya. Zagaye na biyar ya bar kusan 17. Na bakwai ya bar 8. Sai a na goma ne ake saukowa zuwa 3. Wannan fa idan ba a tsallake kowa ba. A zahiri kowane zagaye akwai wanda ya tafi unguwa, akwai wanda aka ce yana barci, ga kuma sabbin jarirai ana haihuwa kullum suna shiga layin marasa kariya. Indiya ta yi shekaru tana zagaye kusan duk wata a gundumomin da abin ya fi ƙamari, kafin yarinya ta ƙarshe ta shanye a Howrah a Janairun 2011.

Idan na tuna wannan lissafi sai na ga ɗigo na shida ba ƙari ne a kan cikakken abu ba. Ga yaron da ya riga ya kama, ɗigon yana sabunta kariyar hanji, wadda dama takan yi rauni bayan shekara ɗaya ko biyu. Ga wanda bai kama ba, wataƙila wannan ne karon da zai kama. Tunda ba a san wane ne wane ba, kowa ake ba. Shi ya sa ake cewa duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko sau nawa aka taɓa ɗiga masa. Shi ya sa kuma ake yin zagayen cikin ƴan kwanaki a yanki guda, a sake bayan kamar mako huɗu: ana so a cika hanjin duk yaran yankin da ƙwayar rigakafi a lokaci ɗaya, ta yadda mai cutarwar za ta rasa inda za ta sauka.

Lissafin nan yana da wani rauni da ya kamata in faɗa. Ya ɗauka cewa kowane yaro damarsa ɗaya da ta ɗan uwansa a kowane zagaye. Ba haka abin yake ba. Yaron da hanjinsa ke da matsala ta dindindin shi ne ɗigon zai yi ta wucewa, zagaye bayan zagaye. Irin wannan yaro allura ce ke rufa masa asiri, domin ba ta tambayar halin da hanjinsa ke ciki. Akwai kuma wani abu da aka gano daga baya. A binciken da aka yi a Moradabad ta Indiya aka wallafa a 2014, yaran da suka riga suka sha ɗigo a baya, da aka yi musu allura sau ɗaya, kariyar hanjinsu ta ƙaru fiye da ta waɗanda aka ƙara wa ɗigo. Wato allurar da ba ta iya koya wa hanji komai daga farko tana iya tashin abin da ɗigo ya riga ya koya masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan an auna an gani.

Dalili mafi girma na allurar a yau, wanda nake ganin ko cikin ma'aikatan lafiya ba kowa ke iya bayyana shi ba, ya shafi nau'o'in ƙwayar. Guda uku ne, kuma kariya daga ɗaya ba ta wadatar da sauran. Nau'i na 2 na asali an ga na ƙarshensa a Indiya a 1999, aka ayyana kawar da shi a 2015. A Afrilun 2016 duk ƙasashen da ke amfani da ɗigo suka cire nau'i na 2 daga cikinsa a lokaci guda, ɗigon asibiti ya koma mai nau'i na 1 da na 3 kawai. Allurar ce ta ci gaba da ɗaukar duka ukun. Saboda haka duk yaron da aka haifa bayan wannan lokaci, idan ɗigon asibiti kawai ya sha, ko sau nawa ne, ba shi da kariya daga nau'i na 2. Uwar da ta kai ɗanta sati na 6 da na 10 sannan ta daina zuwa kafin allurar sati na 14, ko wadda aka ce mata allurar ta ƙare ta dawo wani lokaci ba ta koma ba, ɗanta yana da ƙofa a buɗe ba ta sani ba.

Mai hankali zai tambaya: idan an kawar da nau'i na 2, kariya daga me? Wannan ita ce gaɓar da ake yawan kauce wa, kuma ni ina ganin kauce mata ya fi faɗar ta illa. Raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigo tana da rai, kuma duk abu mai rai yana sauyawa yayin da yake hayayyafa. Idan ta fita daga yaron da aka ɗiga wa a unguwar da yawancin yara ke da kariya, ba ta samun wurin zuwa, sai ta mutu cikin makonni. Idan kuwa yara da yawa ba su da kariya, takan bi daga wannan zuwa wancan har shekara ɗaya ko fiye, a hankali ta dawo da ƙarfin da aka cire mata, ta iya shanye yaro kamar ta asali. Yawancin yaran da shan inna ya taɓa a ƴan shekarun nan irin wannan ce ta kama su, kuma galibi nau'i na 2 ce. Ita ce aka samu a magudanun Landan a 2022, ita ce ta shanye wani matashi da ba a taɓa yi wa rigakafi ba a jihar New York a shekarar, ita ce kuma ta shanye jariri a Gaza a 2024.

Na san wani zai karanta wannan ya ce ashe ɗigon ne ke kawo cutar, gara a daina karɓa. A duba wanda take kamawa. Yaron da aka ɗiga wa ya kama ba shi take shanyewa ba. Wanda aka ɓoye a ɗaki, ko wanda ba a taɓa kai wa asibiti ba, shi take samu, kuma yawan irinsu ne ya ba ta hanyar da ta bi har ta yi ƙarfi. Zagayen da aka yi rabi da rabi shi ne mafi haɗari, domin an saki ƙwaya mai rai a wurin da aka bar mata yara da yawa marasa kariya. Duk gidan da ya ƙi yana ƙara mata tsawon hanya. Don rage wannan ne aka ƙera sabon ɗigo na nau'i na 2 wanda aka gyara shi ya yi wuyar komawa ga ƙarfinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da izinin gaggawa a Nuwamban 2020, aka fara amfani da shi a Maris 2021. Ya fi tsohon tsayawa a yadda aka yi shi nesa ba kusa ba, ko da yake an samu wuraren da shi ma ya sauya.

Daga nan wani abu ya fito da ya kamata kowace uwa ta sani. Ɗigon da aka kawo ƙofar gida ba lallai ne ya zama irin wanda aka ba yaro a asibiti ba. A ido ɗaya suke, ɗigo biyu a baki. Amma na asibiti na nau'i na 1 da na 3 ne, na gangami kuwa, idan ɓarkewar nau'i na 2 ake yaƙa, galibi na nau'i na 2 ne kaɗai. Uwar da ta ce an riga an ba shi tana iya zama tana ƙin abin da ɗanta bai taɓa sha ba ko sau ɗaya. Da mai ɗigon ta san ta faɗi wannan jumla guda, da an rage rabin gardamar ƙofar gida.

Akwai haɗari na biyu, mai wuyar faruwa ƙwarai, wanda shi ma ba na so a ɓoye. Ƙwayar ɗigon kan iya shanye yaron da aka ba ko na kusa da shi. A zamanin tsohon ɗigo mai nau'i uku, an ƙiyasta yara 2 zuwa 4 ne cikin jarirai miliyan ɗaya. Wannan ne ya sa Amurka ta koma allura kaɗai a 2000, lokacin da ƙwayar asali ta daɗe da barin ƙasar. Abin lura shi ne yaron da ba shi da sojoji a jini ne ke cikin wannan haɗari. Wanda ɗigon baya ya kama shi, ko aka yi masa allura, jininsa a tsare yake. Don haka tsoron cewa ɗigo zai taru a jiki ya yi yawa ba shi da tushe: ba ya taruwa, kuma allurar ma tana ƙara wa ɗigon aminci. Wanda ba a ba ɗigo shi ne yaron da likita ya tabbatar an haife shi da lalurar rashin garkuwar jiki, ko wanda ke shan magani mai danne garkuwa kamar na ciwon daji. Irin wannan allura ake masa, kuma ya kamata a gaya wa masu ɗigo idan sun zo.

A ɗauki yarinya guda a bi katinta. An haife ta an ɗiga mata a kwanakin farko, sannan sati na 6, na 10 da na 14, an rubuta OPV a kowane layi. A sati na 14 aka yi mata allurar, an rubuta IPV. Tana wata 7 aka zo gangamin nau'i na 2 tana gudawa, aka ɗiga mata, kuma daidai ne da aka yi hakan, sai dai kada a dogara da wannan ɗigon. Bayan wata ɗaya aka dawo, uwar ta ce an gama mata. A lissafin uwa, ɗigo biyar da allura ɗaya. A lissafin jikin yarinyar, nau'i na 1 da na 3 tana da kyakkyawar dama, amma nau'i na 2 allura ɗaya ce kawai da ɗigo ɗaya da ya bi gudawa ya fita. Allura ɗaya a wannan shekaru ba ta kammala kariya ga duk yara, shi ya sa tun 2020 aka shawarci ƙasashe su ƙara ta biyu. Wasu na yin ta a wata na 9, wasu suna yin biyun a sati na 6 da na 14, wasu kuma tana cikin allurar da ta haɗa cututtuka shida. Abin da uwar nan take buƙata shi ne ta karɓi wannan zagayen, ta kuma duba katin ko layin IPV na biyu a cike yake.

Inda nake da ƙorafi a kan masu shirya aikin shi ne nan. An zuba ƙarfi da kuɗi a gangamin gida-gida har iyaye da dama suka ɗauka shi ne rigakafin gaba ɗaya. Ɗigo yana zuwa har ƙofa sau da yawa a shekara, allura kuwa sai uwa ta bar aikinta ta je ta bi layi, wani lokaci ta tarar ba a buɗe ba. Bayan sauyin 2016 an yi ƙarancin allurar a duniya, ƙasashe da dama suka yi jinkirin fara ta, aka tara miliyoyin yara marasa kariya daga nau'i na 2, kuma ɓarkewar da ta biyo baya ba ta rasa nasaba da wannan. Ba iyaye ne suka jawo wannan ba. Kuma uwar da ta ga ana nacin cuta ɗaya alhali ɗanta na fama da zazzaɓi ba magani a asibiti, fushinta yana da dalili, ko da yake yaron ne zai biya idan ta rufe ƙofa.

Ingancin zagayen ma abin dubawa ne, kuma iyaye suna da ikon dubawa. Ɗigon ba ya jure zafi. A jikin kowace kwalba akwai da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin yana da rai. Idan launinsu ya zama ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya kashe shi, a jefar. Uwa tana iya cewa a nuna mata, kuma mai ɗigon kirki ba za ta ji haushi ba. Idan yaro ya tofar ko ya yi amai nan take, a sake ɗiga masa. Shafa wa yatsa shuɗi ba tare da ɗigo ba, wanda wasu iyaye ke roƙo wasu ma'aikata kuma ke yarda don a rabu lafiya, ya fi ƙin karɓa a fili muni, domin yana sa a rubuta unguwa ta cika alhali da saura, a ƙi dawowa inda ya kamata a dawo. Allurar kuwa akasin ɗigo ce wajen ajiya: sanyi take so tsakanin digiri 2 da 8, idan ta daskare ta lalace.

Da za a tambaye ni abu ɗaya da za a sauya, zan ce a koya wa duk mai ɗigo ta nemi kati kafin ta buɗe kwalba. Ta duba layin allurar, idan babu komai ta gaya wa uwa ranar da ake yi da wurin, ta kuma faɗa mata wane nau'i ne a hannunta yau. Ta ƙara da cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, domin ana buƙatar kashinsa sau biyu, kwana ɗaya tsakani, cikin kwana 14 na farko, kafin a iya gane ko ƙwayar ce ta shigo unguwar.